Sunan Baffa a Allon Shago

Hoton Baba mai kyau guda ɗaya muke da shi. Ni na ɗauka da waya shekarun baya, yana tsaye a ƙofar shagonsa na gyaran keken ɗinki a Gyaɗi-Gyaɗi. A samansa akwai allon kwano shuɗi mai farin rubutu: sunansa, da sunan ƙaninsa, Baffanmu, sai a ƙasa GYARA DA SAYAR DA KAYAN KEKEN ƊINKI. Tare suka buɗe shagon. Da suka sami saɓani Baffa ya koma Zariya, bai sake taka layin ba. Baba bai taɓa allon ba har ya rasu.

Baffa bai zo asibiti ba. Jana'iza ya zo, ya koma a ranar. Wannan ya tsaya mini a rai. Da Inna ta ce a wanko hoton a sa a falo kafin sadakar arba'in, sai na wuce wurin wani mai aikin hoto da kwamfuta a Tarauni.

"A cire wannan sunan," na ce. "A sa DA 'YA'YANSA."

Ya ƙara girman allon a kwamfutar har ƙusoshin suka fito. "Malam, na goge kawai kake so, ko wanda ba mai ganewa?"

"Wanda ba mai ganewa."

"To ja kujera. Wanda ya rubuta allon nan hannunsa na rawa, sai na koyi rawar tukuna."

Ya riƙa ɗebo shuɗin gefe yana rufe sunan Baffa kaɗan-kaɗan, har da lotsawar kwanon. Bai ɗauko haruffan kwamfuta ba. Daga layin ƙasa ya kwafo D da Y da N da S, A kuwa ya ɗauko daga wurare daban-daban, wai mai burushi ba ya yin biyu iri ɗaya. Da yake daga gefe na ɗauki hoton, ya ja kusurwoyin rubutun har ya kwanta yadda allon ya kwanta, haruffan nesa suka ƙanƙance. Sannan ya dusashe farin, ya ɓarɓashe fentin nan da can. Akwai tsatsar da ta gangaro daga wata ƙusa ta ratsa sunan Baffa. Ya mayar da ita bisa sabon rubutun.

"Yanzu ya sha damina," ya ce.

Na ji daɗi. Na kai gida a firam, Inna ta kalli fuskar Baba, ba ta kalli allon ba.

Ranar sadaka Baffa ya zo. Ya rame, yana dogara sanda. Bayan addu'a ya shiga gaida Inna, ya tsaya gaban hoton. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kai yatsa kan gilashin daidai tsatsar.

"Ai wannan ya daɗe," ya ce a hankali. "Dubi tsatsa a kan fentin. Ashe ina fita Yaya ya shafe ni."

Falon cike yake da mata. Na bari sai ya fito. Ni dai so na yi kada in riƙa ganin sunansa kullum. Ban yi tunanin Baba za a ɗora wa abin ba, kuma yana inda ba zai iya cewa komai ba.

Na bi shi zaure yana neman takalminsa. Na durƙusa.

"Baffa, ni na sa aka canza. Baba bai taɓa goge sunanka ba. Ga na asalin."

Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa. Sunansa na nan, da tsatsar a kansa. Ya daɗe yana kallo.

"Kai ɗan nan," ya ce. "Yanzu har irin wannan ake yi? Kamar gaske."

"Wallahi wannan ne na gasken."

"Bar rantsuwa. Ka ga tsoho zai yi kuka, ka nemo abin lallashinsa. Allah ya yi maka albarka." Ya miƙo mini wayar. "Ni ma da ni ne, da na goge."

Na ce mu je shagon ya gani da idonsa. Ban ƙarasa ba na tuna wanda ya karɓi hayar ya riga ya shafe allon da koren fenti, yana sayar da kayan Adaidaita. Na ce to ya tambayi Inna. Ya ce ba zai tayar wa mai takaba hankali a kan allo ba.

Ya sa takalminsa. Na riƙe masa sanda har bakin titi, na tsayar masa da Adaidaita.

"Ka turo mini na falon," ya ce bayan ya zauna. "Fuskar Yaya ta fi fitowa a ciki."