Rijiyar da Ta Jira Bazara

Shekarar da na gama bautar ƙasa, hedmastan firamaren ƙauyenmu, can wajen Sandamu, ya kira ni ofishinsa. Shi ya koyar da ni a aji ɗaya. Ya ce yara kan bar darasi su tafi neman ruwan sha, wasu ba sa dawowa sai washegari. Yana so in rubuta roƙon taimako a Fesbuk domin a haƙa wa makarantar rijiya.

Kwana uku ina rubutawa ina gogewa. Kusan kowace jimla sai da na liƙa mata “wataƙila”. Guda ɗaya kawai na saki kai tsaye, don kada a ce muna ƙumbiya-ƙumbiya: ranar da kuɗi suka cika, ranar za a fara haƙa.

Da lokacin kaka kuɗin suka cika, a asusun ƙungiyar iyaye da malamai, yawanci daga ’yan garinmu mazauna Kano da Legas. Muka ɗauko wani dattijo mai haƙar rijiya daga Daura. Ya zagaya filin, ya ce shi kam ba zai sa diga ba sai bazara. Damina ta wuce ba da jimawa ba, ruwa yana kusa. In ya haƙa yanzu zai tarar da shi da wuri, ruwan ya hana shi nutsawa, zafi na zuwa kuma rijiyar ta ƙafe.

Na ce, “Baba, ai na riga na yi wa mutane alkawari.”

“Kai ka yi, ɗan boko. Ka shawarci ƙasa kafin ka rubuta?”

Bayan mako biyu aka fara tambaya a ƙarƙashin rubutun. Wani da muka yi aji ɗaya ya ce yana taya ni murnar sabon babur, alhali ko keke ba ni da shi. Hedmasta ya ba da shawara a tona rami ko mai zurfin gaba guda ne a ɗauki hoto, hankali ya kwanta. Ban taɓa yi masa musu ba, amma na ce, “Malam, a yi haƙuri. Ba zan bar rami wata huɗu a inda yara ke guje-guje don a daina zagina ba.”

Na koma na yi rubutu na biyu, babu “wataƙila” ko ɗaya. Na ce kuskuren nawa ne, ban tambayi masu sana’ar ba. Na kawo bayanin dattijon, na ce duk wanda ba zai iya jira ba za a mayar masa da nasa. Mutum biyu suka karɓa. Sauran suka yi shiru, ban san ko yarda ce ba.

Da zafi ya tsananta dattijon ya dawo. Yana haƙa yana ɗaure bangon da siminti saboda yashi, kullum ina tsaye ina sa hoto, har ya tarar da ruwa.

Bazarar da ta biyo baya, ban gaya wa kowa ba, na je da tsakar rana na zura guga. Sai da na ji nauyinsa a hannuna sannan na sa hoton ƙarshe.