Mai Rariya da Ƙasar Bola

Mai Rariya kowa a unguwar yake ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Sana'arsa tankaɗe ƙasar tsohuwar bola ce. Yakan haƙo inda shara ta ruɓe ta yi baƙi, ya watsa ta a kan rariyar waya, kwalba da leda su tsaya a sama, lallausar ƙasa ta zuba ƙasa. Ita yake turawa a baro ya kai wa masu lambu. Da wannan ya aurar da 'ya'yansa mata, ya yi wa ɗakinsa rufin kwano.

Gwajin ƙasar ya samo asali ne daga wata makaranta da ta so yin lambu da takinsa. Shugabar ta ce sai an auna tukuna, ta rubuta wa ofishin kula da muhalli, aka turo wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji.

Ta zo da safar hannu da cokalin roba. Ya miƙa mata shebur ɗinsa, ta ce a'a, tsatsa da fentin jikinsa za su iya ɓata awon. A kowane wuri takan ɗebi ƙasar sama, zurfin kamar taƙi ɗaya, daga gurbi biyar, ta cakuɗa, ta ƙulle a leda ta rubuta lamba. Ta ɗiba a tudun gabas na bolar, kusa da inda ake fasa tsofaffin batura ana ƙona waya, ta ɗiba a na yamma inda sharar kasuwa ta fi yawa. Sannan ta je wani fili nesa da bolar ta ɗebo ƙasar da za a kwatanta da ita. Da ya tambayi abin da za a yi da ita, ta ce za a shanya a inuwa, a niƙa, a tankaɗe, a narkar da ita da asid, na'ura ta faɗi yawan ƙarfen da ke ciki. Ya yi dariya ya ce ashe sana'arsu ɗaya, rariyarta ce kawai ƙarama.

Da sakamako ya fito, ta dawo ta same shi a bakin aiki. Ta ce ma'aunin da ofishinsu ke bi ya ƙayyade kada dalma ta wuce miligiram ɗari a kilon ƙasar noma. Filin nesa bai kai talatin ba. Tudun yamma ya tsaya ƙasa da iyaka. Na gabas ya haura ɗari huɗu, kadmiyam ɗinsa, wani ƙarfen mai guba, shi ma ya wuce ƙa'ida.

Ya damƙo ƙasar ya nuna mata baƙinta, ya ce alayyafon da aka shuka da ita har gwiwa yake kaiwa.

"Baba, ganye zai yi kyau, ƙarfen kuma yana nan," in ji ta. "Ba ya ruɓewa, wuta ba ta cinye shi."

Ta ƙara da cewa wuce iyaka ba ya nufin lallai wani ya kamu da ciwo, amma ba ƙasar shuka abinci ba ce, kuma yara ne abin ji. Ta ba shi shawarar a gwada jinin jikokinsa, ya kuma daina shiga gida da kayan aiki a jiki.

Barin tudun gabas bai yi masa wuya ba. Abin da ya tsaya masa a rai amininsa ne mai lambu, wanda tun suna samari yake kai wa taki, kuma daga gabas, don ƙasar can ta fi laushi. Matarsa ta ce ciwon da aka ɓoye shi ke kisa. Ya sa hula ya tafi.

Da ya gaya masa, aminin ya saurara yana ban ruwa, bai ɗago ba.

"Wato shekara da shekaru guba kake kawo mini?"

"A sanina taki ne. Yau na ji, yau na zo."

Aka auna lambun. Fangali biyu da suka fi shan takin sun wuce iyaka, sauran ba su kai ba. Aminin ya mayar da biyun wurin renon dashen itatuwan inuwa, ya kuma ɗauke wa Mai Rariya gaisuwa har damina ta wuce. Jinin jikokin ya fito ba matsala, sai na ƙaramin da ke yawan wasa cikin baro. Shi kam, likita ya ce a raba shi da ƙurar a sake dubawa.

Yanzu Mai Rariya ba ya jiran shara ta isa bola. Da safe yakan bi rumfunan 'yan gwari ya kwashe ruɓaɓɓen ganye da ɓawo, ya zuba a ramuka bayan kasuwa, yana juyawa har su nuna. Aikin ya fi cin lokaci, bayansa ma yana ƙorafi. Da takin farko ya nuna, aminin ya aiko a kawo masa baro biyu, ya ce a gaya wa tsohon kada ya cika surutu in ya zo.