Tallar Injin da Ba Ya Shan Mai

Shekara ashirin na yi ina koyar da Hausa a makarantar sakandare a Talata Mafara kafin wani ya nemi in rubuta masa talla. Wanda ya nema ƙanen matata ne, mai shagon kayan noman rani kusa da tasha. Ya karɓi dillancin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana daga wani kamfani na Kudu, suka aiko masa da injina shida, manya da ƙanana, da takarda guda ta Turanci. Suka ce a juya takardar zuwa Hausa, a naɗi murya, a riƙa sakawa a lasifika ranakun kasuwa. Kada ta wuce minti ɗaya.

"Malam, aikin rabin awa ne gare ka," in ji shi.

Rabin awar kuwa na yi. Na bi Turancin layi-layi yadda nake koya wa ɗalibai fassara, ban bar kalma ko ɗaya a baya ba. Har yanzu ina tuna farkonta: "Yi ban kwana da tsadar mai! Kama ƙarfin rana a yau. Ikon yana hannunka. Girbi mai yawa, tabbas." Na duba ƙa'idar rubutu, babu kuskure.

Ranar Asabar na je Bakura gaida kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tsufa a noman albasa da tattasai a fadama. Na tarar da shi a gona tare da maƙwabtansa biyu, suna zaune a inuwa, injinsu na fetur yana ta ƙara a bakin ruwa. Bayan mun gama gaisuwa, mun tambayi gida da iyali da gajiya, na ciro takardar na karanta musu da muryar masu talla. Yabo nake jira.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ka tahiya?"

Na ce babu mai tafiya.

"To da wa za a yi ban kwana?"

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce shi abin da bai gane ba, yadda ake kama rana. Ɗayan bai yi dariya ba. Ya ce iko na Allah ne, ba ya hannun kowa, kuma duk wanda ya yi wa manomi alkawarin girbi tabbas, ko dai bai taɓa noma ba, ko maƙaryaci ne. Kawu ya ƙara da cewa takardar ta tsare mutum ɗaya tana ba shi umarni, yi kaza, kama kaza, ba sallama ba gaisuwa, kamar ɗan sanda a kan hanya.

Na ji kunya, don dukkan kalmomin Hausa ne, kuma ni na zaɓo su. Na ninke takardar. Sai kawu ya tambaye ni mene ne ainihin abin da ake sayarwa. Na yi masa bayani da bakina: faranti ne ake shimfiɗawa a rana, shi ke tada injin, injin ya jawo ruwa ya tura cikin tiyo.

"Ba shi shan mai?"

"Ko ɗigo."

"Shi dai rana ta hito?"

"Shi ke nan, Kawu."

"In anka yi hadari hwa?"

Na ce ƙarfinsa yana raguwa. Ya gyaɗa kai, ya ce da rani hadarin nawa ne. Daga nan suka manta da ni, suka shiga hirar jarka: yadda mutum zai ɗaura ta a babur ya yi tafiya neman fetur, ya dawo ya iske albasa ta sunkuyar da kai. Na juya bayan takardata ina rubuta abin da suke faɗa.

Da na koma gida ban sake duba Turancin ba sai sau ɗaya, don in fitar da abubuwa huɗu da dole mai saurare ya tafi da su: sunan injin, ba ya shan mai, akwai mai gyara a gari, da inda shagon yake. Sauran na mayar da shi hira tsakanin manoma biyu. Ɗaya ya yi sallama, ya tarar da ɗan'uwansa yana ban ruwa babu ƙarar inji, ya tambaye shi ina jarkarsa. Aka amsa masa da maganar kawu, shi dai rana ta hito. Na bar tambayar hadari da amsarta a ciki. Wurin girbi na sa "in Allah ya yarda". A ƙarshe murya ɗaya ta ce wa jama'a ku zo ku gani da idonku.

Wahalar ta zo wajen lokaci. Na karanta da agogo a gabana, minti ɗaya da rabi. Gaisuwa kaɗai ta cinye kashi ɗaya cikin huɗu. Na datse ta zuwa sallama da barka da aiki, ina jin kamar na yi wa wani rashin kunya. Sunan injin kuma na maimaita shi sau uku, don a kasuwa mutum yakan tsinci magana ne daga tsakiya.

Wakilin kamfanin ya nemi a mayar masa da rubutun zuwa Turanci kafin ya amince. Da ya karanta ya kira ƙanen matata, shi kuma ya miƙo mini wayar. Mutum ne mai ladabi, amma ransa bai yi daɗi ba. Ya ce taken kamfani, wato maganar iko a hannu, ya ɓace, kuma ba a taɓa talla tana faɗin raunin kaya ba. Na gaya masa abin da aka ce mini a fadama, kalma da kalma. Na ce tambayar hadari ko mun cire ta za a yi ta a kasuwa, gara amsar ta fito daga gare mu. Muka daidaita: taken ya zauna da Turancinsa a jikin kwali, lasifika kuma ta yi Hausa.

A wani ɗan ɗaki da ake naɗar waƙoƙin biki muka ɗauki muryar, ni da wani tela abokina da ya yi wasan kwaikwayo a ƙuruciyarsa. Karon farko na karanta da Hausar aji. Telan ya tsayar da ni ya ce, "Malam, mutumin Kano ka aje cikin fadamar Bakura?" Muka sake, da bakinmu na gida.

Ranar kasuwar Maradun na bi ƙanen matata. Ya ɗaura lasifika a kan mota, ya ajiye inji ɗaya da farantinsa da rabin duro na ruwa. Na koma gefe wajen masu gyaɗa ina kallo. Yawancin mutane wucewa suka yi. Wasu suka tsaya. Wani dattijo daga garin Tsibiri ya saurara har sau biyu, sannan ya matso ya ce, tunda sun faɗi da bakinsu hadari yana rage shi, yana son ya ga iyakar ragin. Ƙanen matata ya cire babbar rigarsa ya rufe rabin farantin. Ruwan tiyo ya koma siriri, kowa yana gani. Ya janye rigar, ruwan ya dawo.

Ba a sayi ko ɗaya ba a ranar. Dattijon ya ce a kai masa injin gona ranar Alhamis a gwada a rijiyarsa, don duro ba rijiya ba ne. An kai. Rijiyar ta yi wa ƙaramin injin zurfi, sai da aka koma aka ɗauko babban, shi dattijon ya saya.