Haruffa Ɗari Biyu

Shekara ɗaya da gama bautar ƙasa, wani kamfanin madara ya sa tallar neman jami'in da zai riƙa zagaya rugagen Fulani a yankinmu. Kimiyyar dabbobi na karanta. Na cike takardun, sannan na nemo matar da ke ɗaukar ma'aikatan a shafin nan na intanet inda masu aiki da masu nema ke haɗuwa.

Ba a iya yi mata saƙo sai ta karɓe ni, amma ana iya haɗa buƙatar da 'yar wasiƙa. A asusun kyauta irin nawa haruffa ɗari biyu ne, har da tazara tsakanin kalmomi.

Kwana biyu ina rubutawa ina gogewa. Ina son ta san a Potiskum nake, ina jin Fulatanci, na kuma tashi a Kasuwar Shanu a bayan Kawuna, wanda dillali ne. Ranar Laraba na kai masa abinci can, na fassara masa abin da na rubuta. Ya ce in sake karantawa. Na sake.

"Ina gaisuwar? Ko bijimi za ka taya, ai sai ka tambayi mai shi iyali tukuna."

Na ce wurin ba zai ɗauka ba. Ya ce to abin da ba zai shiga ba shi ne roƙon, babba ya san abin da ke kawo yaro. Ban tabbata yana da gaskiya ba, ban kuma tabbata ba shi da ita ba. A jikin katangar kasuwar na goge maganar Fulatancin, na goge sunan aikin. Na gaishe ta, na tambayi aiki da iyali, na ba da haƙurin damun ta, na ce ina fatan koyo daga gare ta. Haruffa uku suka rage. Na tura.

Ba a gyarawa bayan an tura. In na janye, sai bayan mako uku zan iya sake aikawa. Na bar shi. Kullum na buɗe, kalma ɗaya nake gani, wai ana jira. Ina cin abinci, ina zuwa masallaci, ina raka Kawu kasuwa.

Bayan kwana goma sha ɗaya ta karɓa. Ta amsa da Hausa, ta ce lafiya lau, ta gode. A cikin Keke Napep nake, hanyar Dogo Tebo. Na rubuta mata duk abin da na goge, yanzu da babu iyaka.

Da la'asar ta amsa. Ta ce ta ɗauka gaisuwa ce kawai, shi ya sa ba ta yi sauri ba. An riga an fitar da waɗanda za a yi wa intabiyu tun makon jiya, kuma mai jin Fulatanci suka yi ta nema.

"Da ka faɗa tun farko, da na sa an ciro takardunka."

Na rubuta mata na gode. Da Kawu ya tambaya, na ce ta amsa gaisuwar. Ya ce madalla.