Kwalin Rasit da Motar Marigayi

Duk layinmu Tsugunne ake ce masa. Dillalin motoci ne, kuma bai taɓa faɗin kuɗin mota yana tsaye ba. Sai ya tsugunna ya leƙa ƙarƙashinta tukuna. Gwiwar wandonsa kullum baƙi ƙirin, matarsa ta gaji da mita ta bar shi da halinsa.

Da mijin yayarsa ya rasu, abin da ya bari ita ce tsohuwar ƙaramar motarsa. Yaya na so ta sayar ta kama shagon ɗinki, don da shi za ta ciyar da 'ya'ya huɗu. Wani mai sayen tsofaffin motoci ya leƙa mita, ya ga kilomita dubu ɗari biyu da arba'in, ya taɓe baki ya yi tayin da ko rabin shago ba zai kama ba. Saura kaɗan ta sallama.

Tsugunne ya iso yana haki. "Yaya, da ƙaninki a raye za ki yi kyauta da mota?"

"Kai da ka iya rarrafe kawai? An ce ta sha tafiya."

Ya rarrafa ɗin kuwa. Ba yoyon mai, ba tsatsa, ba alamar walda. Ya tayar da inji, bai ga hayaƙi ba. Ya zaga layi da ita ya dawo.

"Kuloci ya kusa, tayoyin gaba sun suɗe. Wannan dole mu rage a farashi. Ina takardu?"

Ta kawo na mallaka da inshora, dukansu da sunan marigayi, shi kaɗai ya taɓa riƙe ta. Yana dubawa sai ya hango wani kwali kusa da murhu.

"Wancan fa?"

"Tarkacen marigayi ne, da su nake hura wuta."

Tsugunne ya dafe kai. Rasit ɗin gareji ne na shekara tara: juyen baƙin mai, canjin bel, birki, kowanne da kwanan wata da adadin kilomita.

"Yaya, kuɗin shagonki kike dafa shayi da shi! Mita cewa take an yi tafiya. Waɗannan su ke cewa an kula."

Ya sa magada suka sa hannu don canjin suna ya zo da sauƙi. Bai kai ta filin sayar da motoci ba, tashar 'yan tasi ya nufa, don su ke rububin irinta: ba ta shan mai, kayan gyaranta ko'ina akwai. Ya ɗauki farashin motoci uku irinta da aka sayar kwanan nan, ya cire kuɗin kuloci da taya, ya faɗi aibin da bakinsa.

Wani direba ya zauna ya karanta rasit ɗin da suka tsira ɗaya bayan ɗaya, ya yi ciniki kaɗan don kada a raina shi, ya saya. Shago ya samu, har da keken ɗinki.

Yaya ta miƙa masa la'ada. Ya ce ta riƙe, shayi da ƙwai biyu sun ishe shi.