Saƙon da ya jira hannun Hajiya

Shekaru kaɗan ne suka wuce, amma ba zan rantse cewa komai ya zauna a kaina yadda ya faru ba. Ranaku na iya sauya wuri, kuma maganar da na sa a bakin wani mai yiwuwa ba haka ya faɗe ta daidai ba. Abin da na tabbata shi ne farkon damina ne, kuma ban cika wata huɗu da fara aiki ba.

Bayan na gama jami'a na yi shekara guda ina kai takardar neman aiki biro-biro, wato ofis-ofis, kafin wata ƙungiyar manoma a Tasawa ta ɗauke ni. Aikina shi ne rubuta saƙonnin da ake aika wa wakilan ƙauyuka a wayoyinsu: ranar taro, ranar rabon iri, labarin tsutsa idan ta ɓulla. Wakilan kuma su shaida wa jama'a a ƙofar masallaci.

Ba da wayata nake aikawa ba. Akwai manhaja a ordinatar biro, wato kwamfutar ofis. In na rubuta saƙo sai in sa masa rana da lokacin fita, in miƙa shi. Alamarsa ta zama rawaya, wato yana jira. Shugabarmu, wadda duka muke kira Hajiya, ita kaɗai ke da ikon amincewa. Ta shiga da lambar sirrinta ta karanta, in ya yi mata ta danna, alamar ta koma kore. In lokacin ya cika, na'ura ta aika da kanta, ko da kowa ko babu. Kore kawai take ɗauka. Wanda lokacinsa ya same shi yana rawaya, nan zai zauna, kuma ko an amince da shi daga baya sai an sa masa sabon lokaci. Akwai ƙa'ida ɗaya da aka gaya mana a ranar horo, na ma rubuta ta a littafina: in aka taɓa saƙon da ya riga ya zama kore, yana komawa rawaya.

Ƙarfe bakwai na safe muke sa wa kusan kowane saƙo. Wakilai da yawa kashe waya suke yi don tattalin caji, sai da safe su kunna su duba kafin su fita gona.

A wannan makon an shirya rabon irin wake ranar Alhamis a magazan ƙungiya, ɗakin ajiyarmu. Ranar Talata da hantsi aka kira Hajiya cewa kamiyon, babbar motar da ke ɗauke da irin, ya lalace a hanya, ba zai iso ba sai ƙarshen mako. Ta ce in rubuta a ɗage zuwa Litinin. Na rubuta layi biyu, na sa masa Laraba ƙarfe bakwai. Ta karanta a tsaye, jakarta a kafaɗa, ta danna. Na ga koren da idona. Daga nan ta kama hanyar wani ƙauye a gefen Kanan-Bakashe, inda aka yi wa mijinta rasuwar yaya.

Bayan azahar mai kula da magaza ya shigo shan iskar fanka. Dattijo ne, ya fi kowa daɗewa a ƙungiyar, kuma bai taɓa kirana da komai ba sai "Malam jami'a". Ya leƙa allon ta bayana ya ce in karanta masa. Na karanta.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Shi ke nan, Baba."

"Ba sallama, ba a yi haƙuri? Wanga ai takardar jandarma ce. Mutanen da za su karanta shi sun haifi ubanka. Ka ɗage musu rana, ka kuma hana su gaisuwa?"

Na ce Hajiya ta gani ta yarda.

"Hajiya hankalinta na wajen gawa. Kai mi ya hana ka? Ko a jami'ar ba a koyar da ina kwana?"

Ya fita yana dariya, ni kuwa maganar ta zauna mini. Gaskiya ya faɗa, a ganina har yau. Na buɗe saƙon, na sa sallama a gaba, na gaida su da aiki, na ƙara cewa ƙungiya na ba da haƙuri. Ban taɓa ranar ba, ban taɓa wurin ba. Na karanta sau uku don kada in yi kuskure, na adana. Ina jin wani ɗan rubutu na Faransanci ya fito a saman allon, amma idona yana kan kalmomina. Na rufe ordinata na tafi gida da jin cewa na yi abin kirki.

Ranar Laraba na iso biro ƙarfe takwas. Na buɗe don in ga wayoyi nawa saƙon ya shiga. Babu ko ɗaya. Yana nan rawaya, an rubuta a gefensa cewa lokaci ya wuce ba a amince ba. Nan take na tuna shafin littafina da ƙa'idar take.

Na kira Hajiya, ba ta shiga. Na yi ta kira. Sai wajen sha ɗaya na same ta, muryarta na yankewa, ana jin mata na gaisuwa a bayanta. Na yi mata bayani, kuma ina tsammanin na tsawaita, domin ta katse ni.

"To na yarda. Aika mana."

"Hajiya, ba ya fita sai kin danna."

"Ba ni ce na ce na yarda ba? Da bakina?"

"Kin ce, Hajiya. Na'urar ce ba ta ji ba."

Sai ta ce a nan ko kira da ƙyar yake shiga, balle intanet. Sannan ta ce in ɗauko alƙalami in rubuta lambar sirrinta, in shiga in danna da sunanta.

Wannan wurin ne nake yawan komawa. Mun sa hannu a takarda, ni da ita, cewa ba wanda zai ba wani lambarsa. Kuma manhajar tana rubuta wanda ya amince da lokacin da ya amince, za ta nuna Hajiya ta danna alhali ni ne. A ɗaya gefen kuma ita ce shugaba, ita ta ba da umarni, kuma saƙon ba ƙarya a cikinsa. Na ce mata ina ganin, in ba damuwa, zai fi kyau kada in karɓa.

"Ɗana, kai da ka ɓata abin kai ne kuma mai tsoron Allah?" Haka na tuna ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce to in sa masa ƙarfe shida na yamma, in an sallami masu gaisuwa bayan la'asar za ta sa a kai ta bakin hanyar Mayahi inda rezo yake, wato inda waya ke samun sabis. Kafin nan in kira wakilan ɗaya bayan ɗaya in gaya musu da baki, ta ba ni izini.

Na sa sabon lokacin. Na zauna da jerin lambobi. Mai magaza ya jawo kujera ya karɓi rabi ba tare da na roƙe shi ba, bai kuma ce komai a kan sallama ba. Na Attantane mun same su, na Kanan-Bakashe ma yawancinsu. Wanda wayarsa ke kashe mu nemi maƙwabcin ƙauyensa mu ce ya aika. Zuwa la'asar saura ƙauye ɗaya a wajen Korgom. Wayar wakilinsu a kashe, wanda muka roƙa ya kai saƙo ya ce babur ɗinsa ba isansi, wato fetur, amma zai gani.

Ƙarfe biyar da wani abu alamar ta koma kore. Ƙarfe shida na'ura ta aika. Na tsaya har na ga jerin wayoyin da ya shiga. Ta wakilin nan ba ta ciki.

Da magariba aka yi ruwa mai ƙarfi, irin wanda ake jira. Na tambaya, aka ce har can wajen Korgom ya sauka. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san me gobe take nufi: ƙasa ta jiƙu, kowa da sungumi, gero sai a rami. Na yi fatan ruwan ya hana su tahowa.

Bai hana ba. Alhamis kafin azahar amalanke uku suka tsaya a ƙofar magaza, maza shida ko bakwai da buhunansu a naɗe. Tun asuba suka taso. Sun bar shukar gero ga iyali saboda an ce musu wanda bai zo ranar rabo ba sai abin da ya rage. Wakilinsu tsoho ne siriri mai farin gemu. Mai magaza ya so ya tare su, na ce ya bari, ni zan faɗa.

Na gaishe su, na gaya musu babu iri sai Litinin, kuma an aika saƙo amma ya makara, ni ne sanadi. Tsohon ya ciro waya daga aljihu. Ya ce caji ya ƙare masa tun jiya da safe, bayan ya duba bai ga komai ba. Aka sa masa ita caji a biro. Ba a jima ba ta yi ƙara. Ya sa tabarau ya karanta a bayyane, a hankali, tun daga sallamar har ba da haƙurin.

"To, wa alaikumus salam," ya ce. "Ta iso lafiya. Mu ne dai muka riga ta."

Mutanensa suka yi dariya, amma ba duka ba. Wani daga cikinsu ya ce shi gonarsa matarsa ce kaɗai a ciki da yara ƙanana, kuma jigawa ce, kafin jibi ta sha ruwanta. Ba ni ya gaya wa ba, shanunsa yake kallo. 

Aka shayar da shanun, aka ba su fura, suka juya. Hajiya ta dawo Asabar. Ba ta yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ta ce ranar Litinin motar ƙungiya za ta kai wa ƙauyen nan kasonsu har gida, kuma ni zan bi ta in sauke buhunan. Na bi. Mutumin mai jigawa ya karɓi nasa, ya ce rabin gonar ya samu ya shuka a ruwan farko, sauran yana jiran na biyu. Ruwa na biyun ya ɗan yi jinkiri. Ban san yadda geronsa ya ƙare ba, kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba a lokacin kaka.

Bayan haka an ba mataimakin Hajiya ikon amincewa in ba ta nan. Ni kuma duk saƙon da zan miƙa sai na fara karanta wa mai magaza, kuma ba na tashi daga biro sai na duba launin kowane saƙo. A kan lambar sirrin, Hajiya ta taɓa ce mini daga baya na yi daidai, wani lokaci kuma ta ce da na karɓa da saƙon ya fita tun rana. Wayar tsohon dai a kashe take ko da rana, haka nake gaya wa kaina, ko da yake wani a ƙauyen zai iya ji daga wani.

Mai magaza yana nan da ransa, Hajiya ma haka, da mutanen amalanken. In wannan ya kai ga ɗayansu, ko ga wanda ya san su, kuma ya ga na sauya rana ko na sauƙaƙa wa kaina a wani wuri, ina roƙo ya aiko mini in gyara. Musamman wanda ya san abin da jigawar nan ta bayar a shekarar.