Ranar da Kawu ya ƙifta ido

Ni fa ba wanda ya koya min waya. Tsohuwar wayar yayana na gada, gilashinta a tsage, na yi ta latse-latse har na gane kanta. Kafin shekara ta zagayo ni ce mai yi wa rabin unguwarmu cike-ciken intanet, a wani gari da ke kan hanyar Doguwa, dab da dajin Falgore. Wuta kuwa sai ta yi kwana huɗu ba a kawo ba, in an kawo ma kafin tukunya ta tafasa an ɗauke. Sabis shi ma haka.

Sai na sayi littafi na fara rubuta lokacin da sabis ke zuwa da lokacin da yake gudu. Wata uku ina yi, tun daga sanyi har bazara, kuma abin da na gano ya sa ni murna har na rasa wanda zan faɗa wa. Daga sallame sallar asuba zuwa wajen bakwai da rabi, kafin gari ya tashi kowa ya hau waya, sabis garau yake a kan dakalin bayan gidanmu. Ranar kasuwa kuwa ko gaisuwa ba ta fita. Don haka na raba aiki biyu. Wanda ba ya son sabis, kamar ɗaukar hoton takardu, rage musu nauyi, rubuta lambobi a gefe, duk da rana nake gama shi, wayar tana jone da ɗan faifan sola a kan rufin kicin. Mai son sabis kuma in tara shi, in jera, in yi shi da asuba a zama ɗaya. Wanda za a turo wa lambar sirri dole ya zo da wayarsa ya zauna kusa da ni, don lambar 'yan mintuna take yi ta mutu.

Ina ji da tsarin nan sosai. Har cewa nake ba a taɓa kayar da littafina ba.

Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon malamin firamare ne. Da damina ta kankama aka aiko musu cewa duk ɗan fansho sai ya tabbatar yana raye ta waya: ya kalli kyamara, ya juya kai, ya ƙifta ido. Wanda bai yi ba zuwa Juma'a za a ajiye sunansa a gefe, sai ya je Kano da ƙafarsa a gyara. Kawu kuwa tun da ƙafarsa ta kumbura ko masallaci sai an riƙe shi, kuma da fanshon nan yake sayen maganinsa.

Ranar Asabar ya aiko aka kira ni.

"Ke 'yar boko, an ce wai sai kin shaida musu ban mutu ba."

"Kawu, ai abu ne na minti biyar. Na sa ka a layin Laraba da asuba, ku huɗu ne masu irin wannan."

"Laraba? Yau me ya same ta?"

"Yau rana ta yi, Kawu. Littafina ya ce asuba."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, Allah ya kai mu. Ni dai a aji ban taɓa barin aikin Asabar ya kai Laraba ba."

Daga Lahadi hadari ya rufe gari. Ba ruwa mai ƙarfi ba, yayyafi ne da wani duhu-duhu da ya ƙi wucewa, rana ko leƙowa ba ta yi. Faifan solana ya koma kamar faranti. Na kashe wayar ina tattalin cajin da ya rage.

Laraba da asuba aka kawo Kawu a kan babur, ya sha babbar riga da hula, wai kada mutanen ofis su gan shi a wulaƙance. Sauran tsofaffin uku suka zo, aka zauna gaisuwa, ya ƙafa, ya iyali, ya ruwa. Ni ina tsaye a kan dakali na kunna waya. Ba sandar sabis ko ɗaya. Na ɗaga ta sama, na cire layi na mayar, na zagaya bayan rumbu. Har takwas ta wuce babu komai.

Alhamis ma haka. Da za a mayar da shi gida, Kawu ya ce, "Yau ma a mace na kwana ke nan." Tsofaffin suka yi dariya. Mahaifiyata da ke bakin ƙofa ba ta yi ba, kallona kawai ta yi ta koma ciki.

Da hantsi na sa hijabi na taka har gindin ƙarfen sabis da ke bayan gari, abin da ban taɓa yi ba. Na samu dattijon da ke gadin wurin yana gyara lema. Na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi ko lalacewa ya yi.

"Lafiyarsa ƙalau, 'yata. Yunwa yake ji. Da hasken rana yake aiki, batiransa kuma sun tsufa. In aka yi kwana biyu ba rana, kafin asuba sun mutu. Sai rana ta ɗaga sosai yake farfaɗowa, shi ma na ɗan lokaci."

Nan na gane kuskurena. Littafina duk a rani na rubuta shi. Kwana biyun nan kuma da rana wayata a kashe take, ina ajiye caji don asubar da ba ta da komai.

Na kai wayar wurin mai caji da janareta a bakin tasha, na tsaya a kanta har ta cika. Da yamma na buɗe takardun su huɗun na jera komai. Na bi gidajensu na ce gobe ba asuba ba, ƙarfe goma, kuma don Allah a yi gaisuwar a hanya.

Juma'a gari ya waye da hadari baƙi ƙirin ta gabas, ta wajen dajin. Ƙarfe goma muka zauna a dakali. Sha ɗaya ta wuce. Wajen sha biyu saura rana ta ɗan tsaga gajimare, fara fat, ba zafi. Ina kallon kusurwar wayar har idona ya fara ruwa. Can sanda ɗaya ta fito, sai ta biyu.

A cikinsu akwai wanda ya girmi Kawu, kuma a ƙa'ida shi ne farko. Na ce, "Baba, ka yi min afuwa, kai kana iya hawa mota zuwa Kano, shi ba ya iyawa."

Ya ce, "Yi ta kanki, yarinya, hadarin nan ba jiranmu yake ba."

Na juya Kawu ya fuskanci haske, na cire masa tabarau. Na ce ya juya kai, ya juya. Na ce ya ƙifta ido. Sai ya zuba wa wayar ido ƙur kamar mai ɗaukar hoton katin shaida.

"Kawu, ƙifta."

"Ai na ƙifta."

"Ba ta gani ba. A hankali, kamar mai jin barci."

Ya rufe, ya buɗe. 'Yar da'irar jira ta fara juyawa a fuskar wayar. Iska ta taso ta kwashe hular ɗaya daga cikinsu, ba wanda ya bi ta. Da'irar ta tsaya, ta ci gaba, ta sake tsayawa. Sannan rubutu ya fito cewa an karɓa.

Na samu na yi wa mutum na biyu, wanda shi ma tafiya ke masa wuya. Ina cikin na uku ruwa ya sauko, sandunan suka ɓace gaba ɗaya, ba su dawo ba sai Lahadi. Baban da na tsallake da ɗayan sai da suka yi sammakon zuwa Kano. Har yau in na gaida Baban yana amsawa da fara'a, ni ce dai ba na iya haɗa ido da shi.

Yanzu littafina biyu, na rani da na damina, kuma abu mai wa'adi ba ya kwana a hannuna ina jiran layi ya cika. Kwanaki na bi ta wurin mai gadin, ya ce batiran sun ƙara lalacewa, yanzu hadarin yini ɗaya ma kashe su yake. An ce kuma tantancewa ta gaba ma a damina za ta faɗo. Kawu idonsa na dama ya fara yin fari, in na je gaishe shi sai in tsinci kaina ina kallon yadda yake ƙiftawa.